Takardar Dubawa ta Gwajin Kimistiri: Ajin SS3, Rukunin Ranar Alhamis

Ɗalibai, na tattara bayanan da kuka rubuta a littattafanku tun zangon farko, na tace su zuwa wannan takarda. Kowa ya zo da tasa ɗakin gwaje-gwaje ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe. Za mu yi aikin cikin awa 2, kamar yadda ake yi a WAEC. Kada ku sa alama a akwati sai hannunku ya gama aikin. A jarrabawa da Turanci za ku amsa, wannan ta shiri ce kawai.

Kafin a taɓa komai

☐ Rigar lab a jiki, maɓallai a rufe, tabarau a ido, takalmi mai rufe yatsu. Mai silifas zai tsaya a waje.
☐ 'Yan mata, a cusa hijabi cikin rigar lab. Hijabi mai lilo kusa da wuta shi ne abin da ya fi tsorata ni a ɗakin nan.
☐ Ba ci, ba sha, ko da ruwan leda ne.
☐ Na karanta takardar da ke jikin kowace kwalba, na san wace ce A, wace ce B.

Taitireshan: HCl a kwalbar A, Na₂CO₃ a kwalbar B

☐ Na wanke buret da ruwan da aka tace, sannan na ɗauraye shi da asid A.
☐ Na ɗauraye fifet da B.
☐ Kwalbar konika kuwa, da ruwan da aka tace kaɗai na ɗauraye ta.

Nan ne rabin ajin nan ke rikicewa, don haka ku fahimci dalili. Idan ruwa ya saura a buret, zai tsinka asid ɗin, sai ya ci asid fiye da kima kafin kala ta juya. Idan kuka ɗauraye konika da B, kun ƙara B a kan 25 cm³ da kuka auna, nan ma lamba za ta haura. Amma ɗigon ruwa a konika ba ya ɓata komai, tunda bai ƙara ko rage mol ɗin da ke ciki ba. Ana yawan tambayar wannan, a riƙe shi.

☐ Na sauko da buret ƙasa da idona kafin na zuba asid, na kuma cire mazurari bayan na gama.
☐ Na buɗe famfo na kori iskar da ta maƙale a bakin buret.
☐ Na ja 25 cm³ na B da robar zuƙa. Da baki, a'a, ko wa ya ce haka suka yi a zamaninsu.
☐ Ɗigon ƙarshe da ya rage a fifet ban hura shi ba, na dai taɓa bakin fifet da jikin kwalba.
☐ Ɗigo 2 ko 3 na metil oranj. Ƙari ba ya sa aiki kyau.
☐ Farar takarda ko farin tayil a ƙarƙashin konika.
☐ Hannu ɗaya a famfo, ɗaya yana kaɗa kwalba. Da an kusa, ɗigo-ɗigo.
☐ Na karanta buret daga ƙasan lanƙwasar ruwan, idona daidai da layin.

Abin da ake sa ran gani: ruwan ɗorawa ya koma ruwan lemo. Idan ya yi ja sosai, an zarce, sai a sake. In da NaOH da fenolftalin aka ba ku, ruwan hoda ne zai ɓace ya bar ruwa garau.

☐ Gwaji na farko na lalube ne, sai wasu 2 aƙalla waɗanda bambancinsu bai wuce 0.20 cm³ ba.
☐ Kowace lamba tana da gurbi 2 bayan ɗigo: 24.60, ba 24.6 ba. Da biro, kai tsaye a cikin tebur, da cm³ a saman kowane layi.

Lissafi:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂
CAVA / CBVB = nA / nB = 2 / 1

Misali, in A tana da 0.100 mol/dm³ kuma matsakaicin da kuka samu 24.60 cm³ ne, CB zai zama 0.0492 mol/dm³. A ninka da 106, a samu 5.22 g/dm³. Lambar da na kusa da kai ya samu ba taka ba ce. Na fi son 25.10 da ka auna da kanka a kan 24.60 da ka leƙo.

Gwajin gishirin C

☐ Na rubuta kalarsa da kamanninsa kafin na zuba masa komai.
☐ Na narkar da kaɗan a ruwan da aka tace, na gwada da litmas ja da shuɗi, sannan na raba shi kashi-kashi a bututan gwaji masu tsabta.
☐ NaOH ɗigo-ɗigo tukuna, na rubuta abin da na gani, sannan na zuba da yawa, na sake rubutawa. Wanda ya antaya gaba ɗaya ba zai ga farin gudajin Zn²⁺ ba, don zai narke kafin ya ɗaga ido.

Da NaOH:
Cu²⁺, shuɗin gudaji, ba ya narkewa.
Fe²⁺, kore mai dauɗa-dauɗa, ba ya narkewa.
Fe³⁺, ja mai ruwan ƙasa, ba ya narkewa.
Ca²⁺, fari, ba ya narkewa.
Zn²⁺, Al³⁺, Pb²⁺, fari, duka suna narkewa in an ƙara.

Waɗannan ukun na ƙarshe, ruwan NH₃ ne ke fara raba su: na Zn²⁺ ya narke, na Al³⁺ da Pb²⁺ su tsaya. Sai KI ya ƙarasa, domin Pb²⁺ kaɗai ke ba da gudaji ruwan ɗorawa. Cu²⁺ kuma, in NH₃ ya yi yawa, gudajin ya narke ya bar ruwa shuɗi mai duhu.

☐ NH₄⁺: a ɗumama da NaOH. Iska mai shaƙe hanci za ta fito, ta mayar da jiƙaƙƙen jan litmas shuɗi.
☐ CO₃²⁻: a zuba tsinkakken HCl. Zai yi kumfa, iskar ta mayar da ruwan Ca(OH)₂ fari.
☐ SO₄²⁻: BaCl₂, sai tsinkakken HCl. Farin gudaji ya ƙi narkewa. In ya narke, a duba SO₃²⁻ ko CO₃²⁻.
☐ Cl⁻: tsinkakken HNO₃, sai AgNO₃. Farin gudaji kamar kindirmo, yana narkewa a NH₃.

A teburin amsa, layi na farko na gwajin da aka yi ne. A layi na biyu, na abin da aka gani, rubuta abin da idonka ya gani. Sunan ayon yana layi na uku. Kuma ruwa garau marar kala daban yake da fari, a daina haɗa su.

Lokacin ɗumamawa, da in an samu haɗari

☐ Bututu a cikin mariƙi, a karkace, bakinsa ba ya kallon kowa.
☐ Iska, da tafin hannu ake fifito ta zuwa hanci.
☐ Asid ake zuba wa ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikin kakkauran asid.
☐ Etanol nesa da wuta.
☐ In wani abu ya taɓa fata, ruwa mai yawa nan take. In ido ne, a yi ta wankewa minti 15, wani ya kira ni.
☐ AgNO₃ yana baƙanta fata da tufafi. Gishirin Pb da BaCl₂ guba ne, ragowarsu a jarkar da ke kan bencin gaba, ba a kwata ba.
☐ Gilashi ya fashe, a faɗa mini. Tsintsiya da abin kwasa suna bayan ƙofa.

Kafin fita

☐ Wuta a kashe, famfon gas a rufe.
☐ Buret da fifet a wanke, kwalabe a rufe da murfinsu na asali.
☐ Hannu da sabulu.
☐ Sunana da lambar bencina a saman takardar nan, na miƙa ta tare da takardar amsa.

Malamin Kimistiri, SS3