Barka da Arziki Malam Sadiq, Allah Ya Sanya Alheri

Assalamu alaikum Malam Sadiq. Masha Allah, masha Allah. Yanzun nan na ga sanarwar ɗaurin aurenka da Malama Rukayya, Asabar 14 ga wata, kuma wallahi na yi murna sosai, sai da na sake karanta katin don in tabbatar sunanka ne ba na ƙaninka ba. Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya. Addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa wanda ya yi aure ita nake maka, Allah ya yi maka albarka, ya saukar da albarka a kanka, ya haɗa ku cikin alheri.

Na san mun kwana biyu ba mu haɗu ba tun da na bar tsohon ofis ɗinmu, sai dai gaisuwar waya jefi-jefi da ta sallah, to amma zaman da muka yi tebur kusa da tebur ba ƙaramin zama ba ne, kuma irin wannan rana bai kamata in rubuta Allah ya sanya alheri kawai in wuce ba kamar wanda bai san ka ba. Don haka a yi min haƙuri in maganar ta ɗan yi tsawo.

Ni dai amarya ban san ta ba, ban taɓa ganinta ba, saboda haka ba zan zo in yi ta zuba yabo kan abin da ban sani ba. Amma ango na san shi daidai gwargwado, a wurin aiki, inda halin mutum ba ya ɓuya in an daɗe tare. Kuma akwai abin da na gani da idona wanda har yau in ana zancen haƙuri yana faɗo min a rai. Wani ƙarshen wata ne lissafi ya ƙi daidaita, oga ya ce ba mai tafiya gida sai an gano inda matsalar take, kowa ransa a ɓace, an yi magariba an dawo ana ta buɗe fayil ana rufewa. Kai ne ka gano, ashe sabon yaron nan da aka kawo mana ne ya shigar da rasit ɗaya sau biyu. Ina kallonka lokacin, ka tsaya da biro a kan layin, ka ɗaga kai ka dube shi yana can gefe gumi ya jiƙa masa riga, sai kawai ka ja kujera ka ce masa zo ka tayani duba shafin nan idona ya gaji. Ya zo ya duba, da kansa ya ga kuskuren, da kansa ya gyara. Da oga ya tambaya me ya faru cewa ka yi an samu maimaici a shigarwa kuma an gyara, shi ke nan, ba ka kama sunan kowa ba. Yaron nan bai sake irin wannan kuskuren ba har na bar wurin, kuma na tabbata da an tozarta shi a gaban mutane a daren nan da wata maganar ake yanzu.

Shi ya sa da na ga sanarwar nan hankalina ya kwanta, na ce to lallai Malama Rukayya ta dace, domin mutumin da zai ga laifi ƙarara a gabansa kuma yana da damar ya yi magana kowa ya ji amma ya zaɓi ya rufa asiri ya gyara a hankali, irinsa ake so a zauna da shi gida ɗaya. Ba wai ina cewa ba ka da naka ba ne, kowa da nasa, mu da muka yi aiki da kai mun san in ka kafe a kan magana sai an kawo takarda an nuna maka kafin ka sauka, kuma maganar lokaci kam ba a cewa komai, mitin ɗin ƙarfe 9 kai tun saura kwata kana zaune kana duba agogo kana kallon ƙofa. Wannan sai amarya ta yi haƙuri da kai, ko kuma kai ka ɗan sassauta, ku dai za ku daidaita kanku.

Akwai kuma wanda ya shafe ni kai tsaye, ban taɓa faɗa a cikin mutane ba amma yau zan faɗa. Lokacin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake kwance a asibiti, ni ne mai kwana a wurinsa, da safe in zo aiki ido jawur. Ban roƙe ka komai ba, ban ma gaya maka halin da ake ciki dalla-dalla ba, amma sai in zo in tarar rabin abin da ke kan teburina ya koma naka, in na yi magana ka ce ai dama hannunka ba komai, alhali ina ganin tulin da ke gabanka. Ranar da ka zo dubiya ma ba ka daɗe ba, ka gaishe shi, ka yi masa addu'a, ka gyara masa filo da ya zame, ka fita. Bayan rasuwar ba ka taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka tarar da irin wannan a gidanka ranar da kai ma ka gaji.

Ba zan tsaya yi maka nasiha ba, wannan aikin iyaye ne da malamai kuma na san za ka sha ta har ta ishe ka a kwanakin nan, kowa ya gan ka sai ya ja ka gefe ya ce bari in gaya maka sirrin zaman aure, har waɗanda ba su taɓa yi ba. Abu ɗaya kawai zan ce a matsayina na wanda ya riga ka shiga, shi ma ba umarni ba ne. A Suratur Rum aya ta 21 Allah ya ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a tsakanin ma'aurata, to ni a ɗan zaman da na yi na lura ƙaunar kowa na zancenta kafin biki, amma jinƙan nan shi ne ake nema a ranakun da ba na hoto ba, ranar da ɗaya ya dawo a gajiye, ko ba shi da lafiya, ko ya faɗi magana ba yadda ya so ta fito ba. Kirkin da kake yi wa mutanen waje kar ya ƙare a bakin ƙofa, don da yawanmu maza a nan muke faɗuwa, a waje kowa na yabonmu a gida kuma fuska a ɗaure. Ban ce kai haka kake ba, tunatarwa ce kawai, da ni da kai.

Malama Rukayya, in wannan ya iso gare ki, ina taya ki murna, ni da iyalina. Allah ya sa gidan ya zame miki wurin hutawa, ya ba ki haƙurin zama da shi, shi ma ya ba shi haƙurin zama da ke, ya sa ku zama rufin asirin juna. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba mai albarka a lokacin da ya fi alheri, ya buɗa muku ƙofofin arziki na halal, ya kare ku daga sharrin masu shiga tsakani da masu kai-kawo da magana. Iyaye na ɓangarorin biyu kuma muna taya su murna, don su ne suka yi wahalar tun farko, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana su ga jikoki. Malam Sadiq don Allah ka miƙa gaisuwata ga Hajiya ta musamman, sau ɗaya na taɓa gaishe ta ranar da ta kira wayarka kana sallah na ɗauka, amma addu'ar da ta yi min a wannan ɗan lokacin ban manta ba.

Su Malam Nura da Bashir da sauran 'yan tsohon ofis, na san za ku ga wannan, to ga shi dai Allah ya kawo lokacin. Shekara nawa kuna tsokanarsa yana cewa komai da lokacinsa yana murmushi, ba wanda ya taɓa jin ko sunan wata daga bakinsa, ashe mutumin shiru-shiru yana can yana shirinsa. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, abin da ba a gama ba ba a yi masa shela. Yanzu saura Bashir, amma ba zan matsa ba, Allah ya kawo ta gari. Sai dai ina roƙonku, daga ranar 14 ɗin nan kiran ƙarfe 11 na dare a tambayi inda aka ajiye fayil kaza ya ƙare, a bar bawan Allah ya huta, in abin gaggawa ne a jira safiya.

Maganar zuwa kuma, in sha Allah ina cikin masu halarta. Ina da aikin dare ranar Juma'ar amma na riga na fara neman wanda za mu yi musanya da shi, in ma bai yiwu ba daga wurin aikin zan wuto kai tsaye. Na ga an rubuta ƙarfe 11 na safe a katin, kuma tunda kai ne ango na san 11 ɗin 11 ce, don haka masu cewa ai ba a farawa da wuri su kuka da kansu. Motata ba mu da yawa a ciki, ni da Malam Nura ne kawai zuwa yanzu, akwai wurin mutum 3, in akwai baƙi ko dattawan da ake son a ɗauko ka turo min saƙo, lambata ba ta canza ba. Ba sai ka amsa wannan yanzu ba, na san wayarka ba ta hutawa a kwanakin nan, in hidima ta lafa ma gaisa.

Allah ya kai mu ranar da rai da lafiya, ya sanya albarka a auren nan, amin summa amin.

Naka, Kabiru, tsohon maƙwabcin tebur.