Tambaya kan lissafin WACC, wato matsakaicin tsadar jarin kamfani, tare da amsarta (maki 20)

Wani kamfani yana da hannayen jari miliyan 40, kowanne ana cinikinsa a kan 15 a kasuwa, amma a littattafan asusu jarin masu hannun jari miliyan 300 ne. Kamfanin ya kuma sayar da takardun bashi na miliyan 500 waɗanda ba su da ranar biyan uwar kuɗi. Ruwan da aka rubuta a kansu 8% ne a shekara, yanzu kuma takardar 100 tana tafiya a kan 80. Harajin kamfanoni 30% ne. Ribar jari marar kasada 5%, ribar kasuwa gaba ɗaya 13%, beta na kamfanin, wato ma'aunin kasadarsa idan aka kwatanta da ta kasuwa, 1.25.

(a) Nemo tsadar hannun jari da tsadar bashi bayan haraji. (maki 8)
(b) Lissafa WACC ta amfani da darajar kasuwa. (maki 7)
(c) Akwai wani aiki mai kasada daidai da ta kamfanin, zai kawo ribar 11%. A yi shi ko a bari? (maki 5)

Amsa

(a) Ta hanyar CAPM, tsarin da ke auna riba gwargwadon kasada, tsadar hannun jari, wato Re, ita ce:
Re = 5% + 1.25 × (13% − 5%) = 15%

Wajen bashi ɗalibai suka fi faɗuwa. 8% ɗin nan a kan 100 aka rubuta shi, wanda kuwa zai sayi takardar yau 80 zai biya ya riƙa karɓar 8. Saboda haka tsadar bashi kafin haraji, Rd = 8/80 = 10%. Tunda ana cire kuɗin ruwa kafin a yanka haraji, abin da bashin ke ci wa kamfani shi ne 10% × (1 − 0.30) = 7%. Ba a yi wa 15% wannan ragi, domin ribar masu hannun jari sai bayan haraji ake raba ta.

(b) Da T a matsayin haraji: darajar hannun jari E = 40 × 15 = 600, ta bashi D = 500 × 0.80 = 400, jimlarsu V = 1,000 (a miliyoyi).
WACC = (E/V)Re + (D/V)Rd(1 − T) = 0.6 × 15% + 0.4 × 7% = 11.8%

Ga hanyar tabbatarwa. Ruwan shekara miliyan 40 ne, harajin da ya rage wa kamfani miliyan 12, wato 1.2% na V. Idan aka manta da haraji za a sami 13%, kuma tazarar 13% da 11.8% daidai 1.2 ce. Wannan rangwame yana samuwa ne kawai idan kamfanin yana da ribar da za a ɗora wa haraji.

(c) A bari, domin 11% bai kai 11.8% ba. Wanda ya ɗauki alƙaluman littafi, 300 da 500, zai ba bashi kaso 62.5%, WACC ya sauko 10%, har ya amince da aikin da ba zai biya masu jari haƙƙinsu ba. Alƙaluman littafi na kuɗin da aka tara a baya ne, masu zuba jari kuwa a kan farashin yau suke neman riba. Ba a ba da makin (c) ga wanda bai kawo wannan dalili ba.