Harbin Jallianwala Bagh na 1919: Amsar Jarrabawar Tarihi a Sakin Layi Ɗaya

TARIHI, TAKARDA TA BIYU: AIKI DA MAJIYOYI

Tambaya ta 3. Karanta taƙaitattun bayanan majiyoyi biyu da ke ƙasa a kan harbin da aka yi a filin Jallianwala Bagh da ke birnin Amritsar, a lardin Punjab na ƙasar Indiya, wadda ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin, ranar 13 ga Afrilu 1919. Ta hanyar gwada majiyoyin da juna, tare da abin da ka sani na tarihin lokacin, wace majiya ce ta fi cancantar a dogara da ita game da dalilin buɗe wuta a kan taron? Rubuta amsarka a sakin layi ɗaya. (Maki 20)

Majiya A. Taƙaitaccen rahoton da Birgediya Janar Reginald Dyer ya aika wa shugabanninsa na soja ranar 14 ga Afrilu 1919. Dyer ya bayyana cewa ya shiga filin ta wani ƙunƙuntaccen lungu, abin da ya tilasta masa barin motocinsa masu sulke a waje. Ya ce ya tarar da cunkoson jama'a da aka kiyasta sun kai 5,000, wani mutum yana tsaye a kan dandamali yana yi musu jawabi. Ya ce ya lura rundunarsa ƙarama ce, kuma jinkiri yana iya sa a far mata, don haka nan take ya buɗe wuta ya tarwatsa taron. Ya kiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 200 da 300, ya kuma ce sojojinsa sun harba harsashi 1,650.

Majiya B. Taƙaitaccen rahoton kwamitin bincike na jam'iyyar Congress ta Indiya, wanda aka buga a watan Maris 1920, kuma Mohandas Gandhi yana cikin waɗanda suka rubuta shi. Rahoton ya ce mutanen da ke filin sun kai kimanin 20,000, har da yara da baƙi daga ƙauyuka, kuma ba su yi wa kowa barazana ba. Ya ce an buɗe wuta ba tare da gargaɗi ba, an ci gaba da harbin mutane suna gudu, an kuma bar waɗanda suka ji rauni a filin har gari ya waye. Ya kiyasta mamatan sun kai kimanin 1,000, ya ɗauki lamarin a matsayin rashin imani da aka shirya da gangan, ya kuma nuna zargin cewa tarko aka ɗana wa jama'a.

AMSA

Majiyoyin biyu sun yi saɓani a kan dalilin harbin, domin Majiya A ta nuna shi a matsayin matakin kare kai da ƙaramar runduna ta ɗauka cikin gaggawa, ita kuwa Majiya B ta ɗauke shi hukunci ne da aka yanke wa mutanen da ba su tayar wa kowa ba, kuma a ganina Majiya B ce ta fi kusa da gaskiya a kan wannan batu, ko da yake ba duk abin da ta faɗa ne yake da hujja ba. Kafin a shiga saɓanin, ya kamata a lura da inda suka haɗu, domin nan ne ƙasa mafi ƙarfi da za a tsaya a kai: Majiya B ta ce ba a yi gargaɗi ba, Majiya A kuma ba ta musanta ba, hasali ma Dyer da kansa ya ce nan take ya buɗe wuta, kuma babu inda ya ce wani daga cikin taron ya yi harbi, ko ya yi jifa, ko ya yunƙuro wajen sojoji. Abin da ya ce ya gani shi ne jama'a suna sauraron mai jawabi, wanda hakan ya fi dacewa da bayanin Majiya B fiye da yadda ya dace da tsoron da shi kansa ya ambata. Duk da haka, adalci ne a faɗi abin da ke ƙarfafa Majiya A. An rubuta ta kwana ɗaya bayan faruwar lamarin, marubucinta yana wurin, kuma shi kaɗai ne zai iya sanin abin da ke zuciyarsa a lokacin da ya ba da umarni. Tsoron da ya ambata ma ba daga sama ya faɗo ba, domin ranar 10 ga Afrilu, bayan hukuma ta kama shugabannin birnin masu adawa da dokar Rowlatt mai ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, wato Dakta Saifuddin Kitchlew da Dakta Satyapal, sojoji sun harbe masu zanga-zanga, tarzoma ta ɓarke, an kashe Turawa biyar, an ƙona bankuna, an kuma yi wa wata baturiya 'yar mishan, Marcella Sherwood, mummunan duka. Mutum casa'in kacal Dyer ya shiga filin da su, hamsin daga ciki ne ke riƙe da bindiga, saboda haka maganar ƙanƙantar rundunarsa gaskiya ce. Sai dai rahoton na jami'i ne da ke yi wa shugabanninsa bayanin kisan ɗaruruwan mutane, kuma ya san ƙa'idar da ta halatta wa soja amfani da ƙarfi a kan farar hula ita ce ta larura, gwargwadon abin da larurar ta buƙata, don haka yana da dalilin zaɓar hujjar da ƙa'idar za ta karɓa. Alkaluman da ya bayar da kansa suna raunana hujjar. Harsashi 1,650 a hannun mutum hamsin ya kama harsashi 33 ga kowane soja, an kuma ɗauki kimanin minti goma ana harbi, alhali wanda ke tsoron a far masa yakan tsaya da zarar jama'a sun juya baya suna gudu. A nan Majiya B ce ke cike giɓin da Majiya A ta bari, da ta ce an ci gaba da harbin masu neman mafita, a filin da gidaje da katangu suka kewaye, hanyoyin fitarsa kuma 'yan ƙanana ne. Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce Dyer da bakinsa ya sauka daga kan maganarsa ta farko. A rahoton da ya rubuta a watan Agusta 1919 ya ce manufarsa ta wuce tarwatsa taro, ta kai ga jefa tsoro a zukatan mutanen Punjab baki ɗaya, sannan a gaban Kwamitin Hunter, wanda gwamnati ta kafa don binciken lamarin, ya amince a watan Nuwamba 1919 cewa ya riga ya ƙudurta yin harbi tun kafin ya isa filin, cewa mai yiwuwa da ya iya watsa taron ba tare da harbi ba amma da sun dawo suna yi masa dariya, da kuma cewa da motocin masu sulke sun iya shiga, da wataƙila ya yi amfani da manyan bindigogin da ke kansu. Ya kuma sami labarin taron tun da tsakar rana, amma bai tura kowa ya tsare hanyoyin shiga filin ba. Wannan ikirari ya fito ne daga bakin wanda ba shi da wata riba wajen taimaka wa jam'iyyar Congress, kuma shi ne ya sa zargin ganganci da ke Majiya B ya tashi daga matsayin ra'ayin 'yan adawa ya zama abin da shaida ta tabbatar. Ita ma Majiya B tana da nata rauni. Jam'iyyar siyasa ce ta wallafa ta kusan shekara ɗaya bayan lamarin, bayan ta ƙaurace wa Kwamitin Hunter, marubutanta ba sa filin a ranar, kuma suna da muradin nuna wa duniya munin mulkin Birtaniya. Abin da ya rage wannan rauni shi ne kwamitin Congress ya saurari shaidu fiye da 1,700, ya kuma buga bayanan kimanin 650 daga cikinsu, ke nan muryoyi da yawa ne a gaban murya ɗaya. Game da yawan jama'a, Kwamitin Hunter ya ce suna tsakanin 10,000 da 20,000, abin da ya fi kusa da Majiya B, kuma kasancewar ranar ta zo daidai da Baisakhi, bikin girbi na Punjab, ya bayyana dalilin zuwan baƙi daga ƙauyuka, waɗanda da wuya su ji shelar hana taro da Dyer ya sa aka yi da safe a wasu unguwanni kawai. Game da yawan mamata kuwa, babu majiyar da za a ɗauka yadda take. Kiyasin Dyer na 200 zuwa 300 na mutum ne da ya juya ya tafi ba tare da ya ƙirga gawa ko ya duba mai rauni ba. Adadin 379 da Kwamitin Hunter ya amince da shi an tattara shi ne watanni bayan lamarin, lokacin da iyalai da yawa ke tsoron bayyana cewa nasu yana wurin, don haka mafi ƙaranci ne. Shi kuma 1,000 na Majiya B ya dogara ne da kiyasin waɗanda suka ga gawarwaki, ba jerin sunaye ba. Zargin tarko ma ya tsaya ne a kan zato game da Hans Raj, wanda ya taimaka wajen shirya taron, daga baya ya zama shaidar gwamnati, kuma wannan bai isa ya tabbatar da cewa hukuma ce ta kira jama'a filin ba. Saboda haka hukuncina shi ne Majiya B ta fi cancantar a dogara da ita game da dalilin buɗe wuta, domin alkaluman Majiya A da shaidar da Dyer ya bayar daga baya duk sun goyi bayanta, amma ban karɓi adadin mamatanta da zarginta na tarko a matsayin abin da aka tabbatar ba. Amfanin Majiya A kuwa ya fi yawa wajen sanin yawan harsashi da yadda Dyer ya so shugabanninsa su fahimci lamarin a ranar 14 ga Afrilu.