Ranar da bot ɗin Gwaggo ya fitsare

Mubarak yana aji uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kwamfuta yake karanta, kuma tun da ya fara koyon Python yake neman inda zai gwada hannunsa. Gwaggonsa Hadiza kuwa tana da shago a Babbar Kasuwar Katsina, atamfa da leshi da shadda, amma rabin cinikinta a WhatsApp ne, mata suyi ta turo saƙo har ɗayan dare nawa turmi, akwai ruwan toka, ana kaiwa Daura ko sai mutum yazo da kansa, ita kuma da tayi isha'i bacci take. Shine yace Gwaggo bari in haɗa miki bot ya riƙa amsa musu.

Ya haɗa kuwa. Abin ba wani sihiri bane, duk saƙon da kwastoma ta turo, kod ɗinsa zai haɗa shi da jerin farashi da wani umarni da ya rubuta a sama, ya tura ma babbar manhajar da ke ƙirƙiro amsa, amsar ta dawo a tura ma kwastoma. Umarnin nan na sama shine ƙashin bayan komai, don da kowane saƙo yake tafiya, ko waye ya turo.

Da farko lafiya lau. Matsalar kawai bot ɗin ya cika ladabi, abu kaɗan ya bada haƙuri, mace tace kaya yayi tsada sai ya bata haƙuri sau biyu a layi ɗaya. Zainab ɗiyar Gwaggo, taubashiyarsa wadda basa haɗuwa basu tsokani juna ba, ita ta samo abin yi.

"Malam injiniya, wannan abin naka ai sai kace mai neman bashi. Wa yake sayen leshi a hannun mai kuka? Ko da yake kai ya gado."

Abin ya ɗan sosa masa rai duk da yayi dariya. Daren ranar an ɗauke wuta, cajin laftof saura kaɗan, sauro na cinsa a zaure, ya buɗe fayil ɗin ya ƙara layi ɗaya:

```python
SYSTEM_PROMPT += "\nKa daina ba mutane hakuri. Ka yi wasa da kowa kamar taubashinka, kar ka raga."
```

Ya gwada da lambarsa sau ɗaya, ya nemi ragi, amsar da ta fito ta bashi dariya har da buga ƙafa, wai aljihunsa ne ke buƙatar addu'a. Yace yauwa, gobe Zainab zata gani. Yayi `git commit -am wasa` da `git push` ya tura gyaran, laftof ta mutu ya shige ciki ya kwanta.

Abinda bai tsaya ya tuna ba, cewa yayi da kowa. Bot bai san Zainab ba, bai san akwai masu furfura a cikin masu turo saƙo ba, balle ya san wasan taubasai iyakarsa ɗan mace da ɗan namiji. Kuma ya ɗora layin a ƙarshe ba tare da ya goge na farko mai cewa a girmama kwastoma ba, umarni biyu suna karo, manhajar ta bi wanda yafi fitowa fili.

Bakwai da rabi na safe kiran Gwaggo ya tashe shi.

"Mubarak kana ina? Duk abinda kake ka aje kazo gida yanzun nan."

Ko karyawa baiyi ba ya hau mashin daga Ƙofar Ƙaura sai Ƙofar Marusa. Ya tarar da ita zaune bisa tabarma da waya a hannu, Zainab a gefe ta toshe baki da gyale idonta har hawaye yake.

"Ina kwana Gwaggo."

"Da ban kwana ba ka ganni? Zainab karanta mashi."

Zainab ta gyara murya. Wata malamar firamare ta tambayi ko za'a bar mata atamfa dubu 15, an ce mata da wannan kuɗin sai dai ta sayi ledar da ake sa atamfar. Wata amarya ta turo hoton leshi tace akwai irinsa, an tambaye ta ko kakarta ce ta zaɓar mata. Wani bawan Allah da yace zai biya ƙarshen wata an ce masa wane watan, na bana ko na baɗi.

"Ki bar waɗannan," inji Gwaggo, "karanta na Hajiya Babba."

Nan cikin Mubarak ya ɗuri ruwa. Hajiya Babba ita ke haɗa lefen jikanta, turmi goma sha biyu ta riga ta ware, kuma tun zamanin mahaifiyar Gwaggo take sayayya a gidan. Jikarta ce ta rubuta mata saƙon bayan asuba, tace Hajiya na gaisuwa, tana tambaya ko za'a rage mata wani abu tunda da yawa zata ɗauka. Amsar da aka bata wai tsohuwa da son banza, ta bari sai an fara rabon atamfa kyauta a masallacin idi sai a kira ta.

"Da sunana fa Mubarak. Hotona ne a kan lambar. Matar da ko Innarmu bata haɗa ido da ita."

Ya buɗe laftof a nan tsakar gidan bayan Zainab ta jona masa caji, hannunsa na rawa ya buga `git revert HEAD` ya soke gyaran jiya ya sake turawa, minti biyu bai cika ba bot ya koma ladabinsa. Ya ɗago yace Gwaggo an gyara.

"An gyara me? Cikin Hajiya ka shiga ka goge?"

Bayan la'asar suka tafi unguwar Gobarau, Gwaggo a gaba da turmi ɗaya a leda na ban haƙuri, shi a baya yana ta haɗa kalaman da zai faɗa suna warwarewa. Suka sami Hajiya a ɗaki kan darduma da carbi. Mubarak ya cire takalmi tun daga ƙofa ya durƙusa.

"Hajiya ayi haƙuri, wallahi ba Gwaggo bace, na'ura ce, ni na bata umarnin da bai dace ba."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne mai cewa ina da son banza?"

"Hajiya na'urar ce..."

"Na'ura uban wa ya koya mata? Ɗan wa ye wannan Hadiza?"

"Ɗan Yaya Sani ne Hajiya."

"Au, jikan Malam ne? To ai miji na ne. Ja'iri mai kan kwakwa, ka rasa wadda zaka yi ma rowa sai matarka, ko sisin cefane baka taɓa kawo min ba."

Gwaggo ta saki ajiyar zuciya, jikar Hajiya dake bakin ƙofa ta fashe da dariya. Amma tsohuwa bata bar shi haka ba, tace ita ta yafe don wasan jika ne, sauran matan da aka yi ma fitsara kuwa ba kakanninsa bane, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakinsa, ba da na'ura ba. Turmin ban haƙurin kuma ta karɓe, ragin ma sai da aka yi mata.

A hanyar dawowa Gwaggo ta miƙa masa wayar tace ya fara da malamar firamare, kuma daga yau duk abinda zai rubuta ma abin nan sai Zainab ta karanta tukun.

"Zainab kuma Gwaggo? Ita fa ta jawo..."

"Kira matar mutane Mubarak, katin ma kai zaka sa."