Sanarwa ga Mambobi Game da Takardun Lamuni na Gwamnatin Tarayya: Riba, Wa'adi da Haɗari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin ajiya na ƙungiyarmu ta masu sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari yana sanar da dukkan mambobi, maza da mata, cewa Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, zai buɗe tayin takardun lamuni na masu ƙaramin jari na wannan wata ranar Litinin mai zuwa, ya rufe ranar Juma'a. An liƙa takardar tayin ta Turanci a allon ofis kusa da wannan, kuma adadi da ranakun da ke cikinta su ne abin dogaro idan an sami saɓani. An rubuta wannan sanarwa ne saboda tambayoyin da aka yi ta maimaitawa a taron da ya gabata, domin kowa ya san abin da zai sa hannu a kai tun kuɗinsa yana aljihunsa.

Wanda ya sayi takardar lamuni ya ranta wa Gwamnatin Tarayya kuɗi ne zuwa wani lokaci sananne. Ba hannun jari ya saya ba, kuma ba ajiyar banki ya yi ba da zai je ya cira duk ranar da ya ga dama. Takardar da ake magana a kanta ita ce wadda sunanta yake fitowa a fom da saƙon waya da FGN Savings Bond, an fara sayar da ita a watan Maris na 2017 musamman domin masu ƙaramin ƙarfi. Kowane kaso naira 1,000 ne, mafi ƙarancin abin da za a saya naira 5,000, daga nan ana ƙarawa dubu-dubu har zuwa naira miliyan 50. Iri biyu ce, mai wa'adin shekara biyu da mai wa'adin shekara uku.

Ribar da aka rubuta a kan takardar tayi ta shekara guda ce, kuma ana raba ta gida huɗu a biya duk bayan wata uku. Domin sauƙin lissafi mun ɗauki kashi 16 cikin ɗari a matsayin misali. Mamban da ya sa naira 100,000 a takarda mai shekara biyu, ribarsa ta shekara naira 16,000 ce, saboda haka naira 4,000 za ta riƙa shiga asusunsa na banki duk bayan wata uku, sau takwas ke nan, jimla naira 32,000. Ranar cikar wa'adi za a mayar masa da uwar kuɗinsa, naira 100,000, tare da kason riba na ƙarshe. Adadin da mutum ya shiga a kansa ba ya sauyawa har wa'adi ya cika, ko da tayin wata mai zuwa ya fi shi tsoka ko ya gaza shi. Ribar kuma ba ta hawa kan uwar kuɗi ta haifi wata, asusun mutum ake tura ta, in ya so ya kashe, in ya so ya tara ya sayi wata takardar.

Takardun baitulmali, waɗanda wasu mambobi suka ce bankunansu sun yi musu tayi, lissafinsu daban ne, kuma a nan ne aka fi samun ruɗani. Babban Bankin Najeriya ne yake gwanjonsu a madadin gwamnati, wa'adinsu kuwa kwana 91 ne, ko 182, ko 364. Ba a biyan riba a tsakani. Ana sayar da takardar ne da rangwame, mutum ya biya ƙasa da abin da aka rubuta a fuskarta, ranar wa'adi a ba shi cikakken adadin. A ɗauka rangwamen kashi 18 cikin ɗari ne a kan takardar naira 100,000 mai kwana 364. Rangwamen zai kama kusan naira 17,950, mai saye zai biya kusan naira 82,050, bayan kwana 364 ya karɓi naira 100,000. Da yake naira 82,050 ce ta fita daga hannunsa, ainihin ribar da kuɗinsa ya jawo ta kusa kashi 22 cikin ɗari. Wannan shi ya sa akan ga adadi biyu a takardar banki, ɗaya na rangwame, ɗaya na ainihin riba, kuma na biyun ne ya kamata a ɗora a ma'auni idan ana kwatanta ta da takardar lamuni.

Kwamiti yana jan hankali sosai a kan takarda mai kwana 91. Kashi 18 ɗin nan ma na shekara ne, alhali kuɗin wata uku kawai zai yi. Abin da mai naira 100,000 zai samu bai wuce naira 4,490 ba. A taron da ya gabata wata Hajiya daga cikin mambobi ta lissafa wa kanta naira 18,000 a wata uku, har ta ware abin da za ta ƙara a sarin kayan Sallah, kuma ba ita kaɗai ta fahimci zancen haka ba, ita ce dai ta faɗa a fili. Dukkan misalan nan an yi su ne kafin a cire kuɗin aikin banki ko na dillali da duk harajin da doka ta ɗora, don haka a nemi a ga abin da zai rage a rubuce.

Wa'adi yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka kammala ciniki aka zuba takardun a asusun mai saye, wadda takan faɗo cikin makon da ke biye da rufe tayi, ba daga ranar da mutum ya cike fom ba. Ranar cikar wa'adin da ranakun biyan riba huɗu na kowace shekara duk suna rubuce a takardar tayi, kuma ya kyautu kowa ya kwafe su a littafinsa na shago. Masu sayen takardun baitulmali ta banki su duba fom da kyau, domin akwai gurbin da ake zaɓar ko a mayar da kuɗi asusu ranar wa'adi ko a sake juya shi a sabon gwanjo. Wanda ya zaɓi juyawa bai lura ba zai wayi gari ya tarar kuɗinsa ya sake shiga wani wa'adin, a kan adadin da gwanjon ranar ya tsayar.

Takardar tayi takan ce lamunin yana da cikakken goyon baya da amincin Gwamnatin Tarayya, kuma an ɗora shi a kan dukiyar ƙasa baki ɗaya. Ma'anar wannan ita ce gwamnati ta ɗauki alkawarin biyan riba da uwar kuɗi da naira a ranakun da aka ambata, kuma a cikin masu cin bashi da naira babu wanda ya fi ta ƙarfin biya. Iyakar alkawarin ke nan. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga kariyarta zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, ba ta da hannu a nan, domin wannan bashi ne a wuyan gwamnati.

Haɗarin da ya fi kusa da ɗan kasuwa shi ne buƙatar kuɗi kafin wa'adi. Gwamnati ba ta karɓar takardar ta mayar da kuɗi a tsakiyar hanya, sai dai dillali ya kai ta Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya ya nemi mai saye, farashin ranar kuwa shi ne zai yi hukunci. Wanda ya riƙe takarda mai kashi 16 da saura shekara biyu, idan sababbin takardu suka koma kashi 20, babu mai sayen tasa a kan naira 100,000, abin da za ta yi kusan naira 93,500 ne, kafin a cire la'ada. Idan adadin ya sauka, tana iya yin sama da abin da aka saye ta. Ƙananan takardu kuma ba kullum ake samun mai saye nan take ba. Saboda haka kwamiti ba ya ganin dacewar a sa kuɗin sari, ko kuɗin hayar shago, ko abin da aka tanada domin makarantar yara a zango mai zuwa. Kuɗin da mutum ya tabbata zai iya kawar da kai daga gare shi har wa'adi shi ne na wannan harka.

Sai hauhawar farashi, wadda takardar tayi ba ta ambata ko da kalma ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba na 2024 hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. A shekara irin wannan, kayan da naira 100,000 ta saya a farkonta sai an kai kusan naira 134,800 a ƙarshenta, mai takardar kashi 16 kuwa naira 116,000 ce ta taru masa. An biya shi daidai da alkawari, ba a rage masa ko kwabo ba, amma turamen atamfar da kuɗin zai ɗauko sun ragu. Duk da haka ya fi wanda ya ƙulle kuɗin a durowa, kuma da wannan ya kamata a kwatanta shi, ba da jarin da ke juyawa a shago ba.

Mambobi da dama sun yi tambaya a kan hukuncin addini, kuma kwamiti ba zai lulluɓe zancen ba: abin da ake biya a kan takardar lamuni da takardar baitulmali kuɗin ruwa ne a kan bashi, ko da an kira shi riba. Kwamiti ba majalisar fatawa ba ce, kowa ya tuntuɓi malaminsa. Wanda yake son kauce wa kuɗin ruwa yana iya jiran Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka gina a kan ijara, inda ake gina hanyoyi da kuɗin masu saye, gwamnati ta riƙa biyansu haya duk bayan wata shida. Na farko ya fito a watan Satumba na 2017, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai da hayar kashi 16.47 cikin ɗari, mafi ƙarancin saye naira 10,000, kuma hanyar Kano zuwa Maiduguri tana cikin ayyukan da suka amfana. Sai dai Sukuk ba ya fitowa kowane wata, wa'adinsa ya fi tsawo, kuma haɗarin sayarwa kafin lokaci da na hauhawar farashi suna kansa kamar yadda suke kan sauran.

Ana saye ne ta hannun dillalin hannun jari mai rajista da hukumar kula da hada-hadar hannayen jari, wato SEC, wanda sunansa yake cikin jerin wakilan da DMO ta amince da su. Mai saye yana buƙatar asusun banki da sunansa, da lambar BVN, da katin shaida, da hoton fasfo, sannan a buɗe masa asusun CSCS inda ake rubuta takardun da sunansa, domin ba a ba da takarda ta hannu. Ƙungiya ba ta karɓar kuɗin kowa a kan wannan, kuma ba ta wakilta kowa ya bi rumfuna yana tarawa ba. Duk wanda ya zo da alkawarin ribar da ta zarce abin da ke allo, ko ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa, a sanar da sakatare.

Wakilin dillali zai zauna a ofishin ƙungiya ranakun Talata da Laraba, daga bayan sallar Azahar zuwa La'asar, domin cike fom da amsa tambayoyi. Waɗanda ba su da asusun CSCS su zo ranar Talata, saboda buɗe shi yakan ɗauki lokaci, kuma tayin ba ya wuce ranar Juma'a.

Wassalam.

Sakataren Kwamitin Ajiya, a madadin Shugaba