Tambayoyin Bita da Amsoshinsu: Tanadin Dole da Yadda Ajiya Ke Ninkuwa a Bankuna

Wannan takardar bita ce ga ɗaliban tattalin arziki 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Daura da kewaye. Lokaci: awa ɗaya da rabi. Maki: 60. A rufe amsa da takarda, a yi aikin tukuna, sannan a duba. Wanda ya rubuta amsa ba tare da nuna lissafi ba, rabin maki kawai zai samu.

Ga alamomin da za a yi aiki da su. `r` shi ne kason tanadin dole, wato abin da Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa kowane banki ya ware daga ajiyar jama'a ya ajiye a wurinsa. `e` shi ne rarar tanadin da banki ya riƙe don ganin damarsa idan an auna ta da ajiyar da ke wurinsa. `c` shi ne tsabar kuɗin da ke hannun mutane idan an auna shi da ajiyarsu ta banki. `m` shi ne yawan ninkin.

Tambaya ta 1 (maki 16)

Alhaji Sule ya sayar da shanu a kasuwar Mai'aduwa, ya kawo tsabar naira 2,000,000 ya zuba a asusunsa a wani banki a Daura. A ɗauka tanadin dole kashi 20 cikin 100 ne, bankuna suna ba da rancen duk abin da ya rage, kuma ba wanda yake riƙe tsabar kuɗi a gida. (a) Nuna zagaye uku na farko. (b) Nawa ne jimillar ajiya a duk bankuna idan abin ya kai ƙarshe? (c) Nawa ne ƙaruwar kuɗin da ke yawo a ƙasa?

Amsa. Bankin farko ya ware 400,000, ya ranta wa Malam Haruna mai kanti 1,600,000. Malam Haruna ya saro buhunan shinkafa a Babbar Kasuwar Katsina, dilan ya zuba kuɗin a nasa bankin. Banki na biyu ya ware 320,000, ya ba da rancen 1,280,000 ga mai injin niƙa, shi kuma ya biya wanda ya sayar masa da sabon inji. Banki na uku ya ware 256,000, ya ranta 1,024,000. Kowane zagaye kashi 80 cikin 100 ne na wanda ya gabace shi, haka zai yi ta ƙanƙancewa har ya ƙare.

```
m = 1 / r = 1 / 0.20 = 5
5 x 2,000,000 = 10,000,000
```

Jimillar ajiya naira 10,000,000 ce. Daga ciki, 8,000,000 rance ne, 2,000,000 tanadi. Ku lura da wannan adadi na ƙarshe: daidai yake da abin da Alhaji Sule ya kawo. Ninkin yana tsayawa ne sa'ad da tsabar kuɗin farko ta gama shigewa tanadin dole ɗungurungum. Wannan ita ce hanyar da za ku gwada amsarku kafin ku miƙa takarda.

A (c) ne ɗalibai suka fi zubar da maki. Amsar 8,000,000 ce. Miliyan biyun Alhaji Sule da ma suna cikin lissafin kuɗin ƙasa tun suna aljihun babbar rigarsa. Mazauni kawai suka sauya, daga tsaba zuwa ajiya. Sabon abin da aka samu shi ne rancen.

Tambaya ta 2 (maki 6)

Da a ce Babban Banki ne ya sayi takardun lamunin gwamnati na naira 2,000,000 daga hannun Alhaji Sule, aka zuba masa kuɗin a asusu, me zai sauya?

Amsa. Jimillar ajiya tana nan a 10,000,000, amma ƙaruwar kuɗin da ke yawo ta zama 10,000,000 cif, domin waɗannan miliyan biyu ba su a hannun kowa kafin Babban Banki ya biya su. Kafin ku taɓa lissafi, ku fara tambayar kanku daga ina kuɗin farko suka fito.

Tambaya ta 3 (maki 6)

Tun da `m` ya kai 5, me zai hana bankin Daura shi kaɗai ya ranta 8,000,000 a rana ɗaya?

Amsa. Wanda ya ci bashi ba don ya bar kuɗin a asusu ya ci ba. Da ya biya mutanen da ke hulɗa da wasu bankuna, dole bankinsa ya tura musu kuɗin daga tanadinsa, alhali rarar da yake da ita 1,600,000 ce kacal. Ninkin aikin bankuna ne a dunƙule, kowanne yana ba da iya rararsa. Ɗalibai sukan tambaya ko bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa suna cikin wannan lissafi. Suna ciki. Idan irin wannan banki ya saya wa abokin hulɗarsa kaya ta hanyar murabaha, kuɗin da ya biya mai kayan za su sauka a wani asusu su zama sabuwar ajiya.

Tambaya ta 4 (maki 12)

A watan Satumbar 2022 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga tanadin dole na bankunan kasuwanci daga kashi 27.5 zuwa 32.5. A Fabrairun 2024, ƙarƙashin gwamna Olayemi Cardoso, aka kai shi 45, sannan 50 a Satumbar 2024. (a) Fitar da `m` a kan 32.5 da 45 da 50, da iyakar ajiyar da 2,000,000 za ta iya haifarwa a kowanne. (b) Wani banki yana riƙe da ajiyar naira miliyan 800, ba shi da rarar tanadi. Me zai same shi idan aka tashi daga 32.5 zuwa 45?

Amsa.

```
1 / 0.325 = 3.08
1 / 0.45  = 2.22
1 / 0.50  = 2
```

Ajiyar za ta kai wajen 6,153,846 a na farko, 4,444,444 a na biyu, 4,000,000 a na uku. Don samun waɗannan adadi, a raba 2,000,000 da `r` kai tsaye. Wanda ya ninka da 3.08 zai sami 6,160,000, ya kauce da fiye da dubu shida saboda ya yanke lambobi da wuri. Akwai kuma masu raba 1 da 45 ba tare da sun mayar da shi 0.45 ba, sai amsarsu ta fito 0.022. Hankali ma ya isa ya nuna wannan kuskure ne, don ninki ba ya kasa ɗaya a wannan lissafi.

A (b), tanadin da ake buƙata ya tashi daga miliyan 260 zuwa miliyan 360, giɓin miliyan 100 ke nan. Bankin zai iya sayar da takardun lamunin da ke hannunsa, ko ya ranto daga wasu bankuna ko daga Babban Banki, ko ya ƙi ba da sabon rance sa'ad da aka biya tsoho. Duk wadda ya bi, rance yana tsada ko ya yi wuyar samu, kuma abin da ake nufi ke nan, domin an ɗaga kason ne don a rage gudun hauhawar farashi. Ƙarin maki 2 ga wanda ya ambaci cewa akwai wata ƙa'ida daban da ta wajabta wa bankunan kasuwanci riƙe kashi 30 na ajiya a kadarorin da za a iya mayarwa kuɗi cikin sauri.

Tambaya ta 5 (maki 12)

Yanzu a janye sharuɗɗan tambaya ta 1. A ɗauka `r` = 0.45, `e` = 0.05, kuma a kan kowace naira 100 da mutane ke da ita a banki suna riƙe tsabar naira 25, wato `c` = 0.25. Babban Banki ya sako sabuwar naira 3,000,000. Fitar da `m`, ka nuna inda kowace naira ta tsaya.

Amsa.

```
m = (1 + c) / (r + e + c)
m = 1.25 / 0.75 = 1.67
```

Ajiya ita ce 3,000,000 a raba da 0.75, wato 4,000,000. Tsabar da ke hannun mutane rubu'in wannan ce, 1,000,000. Tanadin dole 1,800,000, rarar tanadi 200,000. Haɗa ukun nan: 3,000,000 daidai. Kuɗin da ke yawo kuwa ajiya ce da tsaba, 5,000,000.

Wannan tambaya ta fi kusa da rayuwarmu, don haka muke so ku tsaya a kanta. A kasuwannin ƙauye, cinikin gero da wake da awaki yawanci hannu da hannu ake yi. Manomi ya karɓi kuɗinsa ya ɗaure, 'yan adashi su tara nasu su miƙa wa mai kwasa, mai sana'ar cirar kuɗi a bakin tasha kuma yana buƙatar tsaba kullum. Duk nairar da ta tsaya a irin waɗannan wurare ta fita daga zagayen, kamar ruwan da ke tsiyaya daga tulu mai huji kafin a isa gida. Wannan da rarar tanadi su suka sa 2.22 ta sauko zuwa 1.67. Bankuna ma sukan ƙi ranta duk rararsu idan mai nema ba shi da jingina, ko suna tsoron ba za a biya ba, ko takardun gwamnati sun fi riba. Wasu lokutan kuma 'yan kasuwar ne ke gudun bashin. Don haka `1 / r` iyaka ce da ba a wucewa a wannan tsari, kuma da wuya a kai ta.

Idan tambaya ta zo a juye, misali Hajiya Binta ta cire 500,000 don hidimar biki a ƙarƙashin sharuɗɗan tambaya ta 1, lissafin ɗaya ne: ajiya za ta ragu da 2,500,000, kuɗin da ke yawo kuma da 2,000,000.

Tambaya ta 6 (maki 8)

A Oktobar 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa fiye da kashi 80 na takardun kuɗi suna wajen bankuna. A Amurka kuma, babban bankin ƙasar ya mayar da tanadin dole sifili a Maris ɗin 2020. Me lissafin ninki ya ce zai faru a kowanne, kuma ina lissafin ya gaza?

Amsa. A na farko, tilasta wa mutane kai tsofaffin kuɗi banki yana rage `c`, don haka a takarda `m` zai ƙaru. Amma a farkon 2023 ƙarancin tsaba ya tsayar da ciniki a kasuwanninmu, masu dabbobi da hatsi suka riƙa karya farashi ga mai tsaba a hannu. Mutane sun kai kuɗin ne bisa dole, da tsaba ta wadata kuma aka koma riƙe ta. Sauyin `c` mai ɗorewa sai jama'a sun amince cewa za su sami kuɗinsu duk sa'ad da suka nema.

A na biyu, raba 1 da sifili ba shi da amsa, amma rance a Amurka bai zama marar iyaka ba. Ƙa'idojin jari, tsadar kuɗin ruwa da ƙarancin amintattun masu neman bashi duk suna taka wa banki birki. Bankin Ingila ma ya bayyana a 2014 cewa a aikace banki yakan fara ba da rance, rancen ya haifi ajiya nan take a asusun mai karɓa, daga baya ya nemo tanadin da ake buƙata. A jarrabawa ku yi lissafin yadda aka tambaya, ku rubuta sharuɗɗan da kuka dogara da su a saman amsa. Cikakken maki a wannan tambaya na wanda ya kawo aƙalla dalilai uku ne, ya kuma danganta kowanne da `r` ko `e` ko `c` ko buƙatar rance.