Tsarin Atisayen Kwallon Raga na 'Yan Ƙasa da Shekara 12: Sabis ta Ƙasa da Tarbar Kwallo

Ranar Asabar da ƙarfe 7:30 na safe, kafin rana ta yi zafi, yara 14 za su hallara a filin makaranta na tsawon awa ɗaya. Muna da kwallaye bakwai, kuma za a sassauto da raga zuwa mita 2.

Minti goma na farko na ɗumama jiki ne da guje-guje. Daga nan a raba su biyu-biyu don tarbar kwallo na minti 20, inda ɗaya zai jefa a hankali, ɗayan ya haɗa hannuwansa, ya miƙe gwiwar hannu, ya ɗan durƙusa, ya tarbe ta da damtsen ƙasa, sama da wuyan hannu kaɗan. Yawancinsu sukan wurga hannuwa sama kamar masu sara, saboda haka a riƙa tunatar da su cewa ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa.

Sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, zai ɗauki minti 15. Mai amfani da hannun dama ya sa ƙafar hagu gaba, ya riƙe kwallo da hagu daidai ƙugunsa, ya lilo da hannun dama daga baya ya buge ta da tushen tafi. A fara daga mita 4 da raga, domin layin ƙarshe yana da nisan mita 9, wanda ya yi wa ƙananansu yawa. Duk wanda ya tsallakar sau uku a jere ya ja baya taki ɗaya.

Bayan hutun shan ruwa na minti biyar, a rufe da wasan uku-da-uku, a ba da maki ga duk tarbar da ta isa ga abokin wasa.